Sanyi ya tafi, ya bar mana kaya: yadda muka zaɓi taken imel na rangwamen ƙarshen kakar sanyi

Wata mata da ke sayar da tufafi ta intanet ta neme ni lokacin da sanyi ya fara ja da baya. Rigunan sanyi da huluna da safa sun yi mata saura da yawa, kayan zafi kuma suna kan hanya, babu inda za ta zuba su. Ta yanke shawarar rage kashi 40 cikin 100 a kan duk kayan sanyin na tsawon kwana biyar, daga Laraba zuwa daren Lahadi. Tana da jerin adireshin imel na mutanen da suka taɓa saye a wurinta ko suka yi rajista da kansu. Ta riga ta rubuta saƙon, ta haɗa hotuna masu kyau. Abin da ya rage shi ne layin nan guda ɗaya da mutum ke gani kafin ya buɗe, wato taken saƙon.

Ga abin da ta fara rubutawa:

"Sanarwa ta musamman ga dukkan abokan cinikinmu: mun fara babban rangwamen ƙarshen sanyi na kashi 40"

Babu ƙarya a ciki, kuma akwai ladabi. Na ce ta aika wa kanta da kanta a matsayin gwaji, ta buɗe akwatin imel ɗinta a waya, ta karanta mini abin da ta gani ba tare da ta taɓa saƙon ba. Ta duba, ta ce, "Malam, ai ya yanke. Sanarwa ta musamman ga dukkan abokan... shi ke nan, sai ɗigo-ɗigo."

Taken nata harafi 99 ne idan aka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Kalmar "rangwamen", wadda ita ce dalilin aika saƙon gaba ɗaya, sai a harafi na 65 take farawa. Waya kuwa, idan an riƙe ta a tsaye, yawanci harafi talatin da wani abu zuwa arba'in take nunawa, gwargwadon faɗin fuskarta da girman rubutun da mai ita ya zaɓa da manhajar da yake karanta imel da ita. Ma'ana duk wanda ya ga saƙon a waya gaisuwa kawai ya gani. Wannan shi ne ainihin dalilin da ake cewa a taƙaita take. Wurin ne ba shi da yawa, kuma abin da ya faɗa bayan wurin yankewa tamkar ba a rubuta shi ba ne.

Da ta fahimci haka sai ta yi tsalle zuwa ɗaya gefen. Washegari ta turo mini taƙaitattun takuna uku. Na farko "Kin ga wannan?", na biyu "Kada ku buɗe", na uku kuma "Re: odarku".

Na ukun na fara cirewa, kuma ban tsaya jayayya a kansa ba. "Re:" alama ce ta amsar wasiƙar da mutum ya aiko. Wanda ya gan ta zai zaci akwai matsala a kayan da ya saya, ya buɗe da faɗuwar gaba, ya tarar talla ce. Za a buɗe, babu shakka, amma buɗewar wanda aka yaudara ce. A Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta haramta take mai ɓatar da mai karatu game da abin da saƙon ya ƙunsa. Ko da dokar ba ta hau kan mai aikawa ba, akwai hukuncin da ya fi saurin zuwa, wato maɓallin Spam. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa a kan masu aika saƙo da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne kada adadin masu kai ƙarar saƙonka ya kai kashi 0.3 cikin 100. Mutum uku ke nan a cikin dubu. Jerinta bai kai girman waɗanda aka fi nufi da sharaɗin ba, amma matatar saƙo tana lura da ƙorafi daga kowa, babba da ƙarami. Take guda na yaudara yana iya jawo wa saƙonnin wata mai zuwa su riƙa zarcewa akwatin tarkace, har da na waɗanda suke son ganinsu.

"Kin ga wannan?" yana da matsala biyu. Ta farko tamu ce ta masu rubutu da Hausa: "kin" mace yake kira, alhali a jerin nata akwai maza masu saya wa kansu da iyalinsu. Idan ba ka da tabbacin jinsin kowa a jerinka, "kun" ko "ku" ya fi aminci, ko ma ka gina jimlar yadda ba ta buƙatar kiran kowa. Matsala ta biyu ita ce wadda muka fi daɗewa a kanta, kuma ita ce zuciyar wannan lamari.

Ta ce da ni, "To ai kai ka ce a sa musu son sani. Idan na faɗa musu komai a take, me zai sa su buɗe?"

Na ce, "Hajiya, son sani ba ya tashi a kan babu. Sai mutum ya san wani ɓangare kafin ragowar ta dame shi."

Masanin tattalin arziki da halayyar ɗan Adam George Loewenstein ya yi bayanin wannan a 1994. A fahimtarsa, son sani yana tasowa ne lokacin da mutum ya lura da giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake so ya sani. Giɓin kuwa ba ya bayyana sai akwai wani abu a gefensa. Wanda aka ce masa "kun ga wannan?" bai san komai ba tukuna: riga ce, labari ne, gargaɗi ne? Ba shi da abin da zai kama, don haka babu abin da ke jansa, sai ya wuce. Amma wanda aka gaya masa kayan sanyi ne, kuma wani abu ya same su, tambaya ɗaya tak ta rage masa, kuma amsarta tana bayan dannawa ɗaya.

Saboda haka muka ajiye rubuta take, muka fara rubuta abubuwan da saƙon ya ƙunsa. Guda huɗu ne: wane kaya, me ya faru da farashinsu, nawa aka rage, da kuma yaushe za a rufe. Aikinmu shi ne mu zaɓi guda ɗaya mu riƙe shi, sauran mu bayar. Idan muka ɓoye kayan, saƙon ya zama na kowa da kowa, ba na wanda ke son rigar sanyi ba. Idan muka ɓoye ranar rufewa, mun cire abin da zai sa a buɗe yau maimakon jibi. Abin da ya fi dacewa a ɗan jinkirta shi ne labarin farashin, domin shi ne abin da mai saye ya fi son ji.

Daga nan muka rubuta takuna kusan ashirin a takarda, muna karanta kowanne da baki. Karantawa da baki tana da amfani ƙwarai, domin taken da ya yi kama da sanarwar ofis kunne ne ke fara kama shi. Biyu suka tsira.

Na farko kai tsaye ne: "Rangwamen kashi 40 kan rigunan sanyi". Harafi 36. Bai ɓoye komai ba sai ranar rufewa.

Na biyu shi ne: "Sanyi ya tafi, ya bar mana kaya". Harafi 31. Wannan ya fi kwanta mini a rai, kuma zan faɗi dalili. Ya ambaci lokacin, ya nuna kayan sanyi ake nufi, ya kuma faɗi gaskiyar halin da mai shago take ciki, wato kaya sun yi saura. Duk wanda ya taɓa ciniki ya san abin da ke biyo bayan saurar kaya a ƙarshen kaka. Mai karatu da kansa zai ƙarasa tunanin, ya ce lallai an sauke farashi, sai dai bai san nawa ba. Giɓin ƙarami ne, kuma amsarsa gaskiya ce. Ban da haka, yana da muryar mutum. A shafin Promotions na Gmail, inda tallace-tallace suke jeruwa ɗaya bisa ɗaya kowanne da kasonsa da alamar motsin rai, jimla mai kama da maganar baki tana fita daban.

Akwai abin da take mai jan hankali ba ya iya yi shi kaɗai, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Mai karatu ba take kawai yake gani ba. Abu uku yake gani a jere: sunan mai aikawa, take, da ɗan layin da ke biye da shi mai nuna farkon saƙon. Sunan mai aikawa a asusunta "info" ne kawai. Da wannan suna, "Sanyi ya tafi, ya bar mana kaya" zai iya zama daga kowa. Muka mayar da shi sunan shagon, domin sunan ne ke gaya wa mutum cewa maganar tufafi ake yi, shi ya sa taken ya samu damar zama gajere.

Ɗan layin da ke biye kuwa, a gwajin farko abin da ya fito shi ne "View this email in your browser", saboda shi ne rubutun farko a samfurin da ta yi amfani da shi. Wuri mai daraja haka ya tafi a banza. Yawancin manhajojin aika imel suna da gurbi na musamman da ake cike wannan layi. Inda babu, ana sa shi a saman jikin saƙon a ɓoye:

```html
<div style="display:none;max-height:0;overflow:hidden;">
An sauke farashinsu duka, zuwa daren Lahadi.
</div>
```

Da wannan, take na biyu ya samu abokin tafiya. Taken ya ɗaga gira, layin ƙasa ya tabbatar cewa rangwame ne kuma ya ba da wa'adi, adadin kaɗai ya rage a ciki. Take na farko kuma muka ba shi layin "Daga yau zuwa daren Lahadi kawai", tunda shi ya riga ya faɗi adadin.

Wani ɗan abu da ya shafe mu masu Hausa: haruffa masu ƙugiya. Taken imel asalinsa haruffan ASCII, wato na Turanci zalla, kawai yake ɗauka, don haka ƙ da ɗ da ɓ sai an lulluɓe su ta hanyar da ƙa'idar RFC 2047 ta tsara, wadda ke farawa da `=?UTF-8?`. Manhajojin zamani suna yin wannan da kansu, amma idan wani tsohon tsari ne ke aikawa, "ƙarshen" yana iya isa a matsayin alamomin tambaya ko tarkacen haruffa. Takunan nan biyu ba su da harafi mai ƙugiya ko ɗaya, sai dai jikin saƙon yana da su, don haka muka aika gwaji zuwa Gmail da Outlook da Apple Mail muka duba da idonmu kafin mu saki.

Ranar Laraba da safe muka raba jerin gida biyu ba tare da zaɓe ba, rabi suka samu take na farko, rabi na biyu, a sa'a ɗaya, da jikin saƙo iri ɗaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci. Idan ka canza take ka kuma canza hoto ko lokacin aikawa, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Da yamma ta kira ni da murna, ta ce na biyu ya yi nasara, an fi buɗe shi nesa ba kusa ba. Na roƙe ta ta dakata da duba adadin buɗewa, ta dubo mini adadin waɗanda suka danna mahaɗin shagon.

Dalili shi ne, ana ƙirga buɗewa ne ta wani ɗan hoto mitsitsi da ake ɓoyewa a cikin saƙon. Idan manhajar mai karatu ta ɗauko hoton, sai a rubuta cewa an buɗe. Tun Satumban 2021, da fitowar iOS 15, Apple ya kawo tsarin Mail Privacy Protection, wanda ke ɗauko hotunan saƙo tun kafin mutum ya duba, ko ma bai taɓa dubawa ba. Saboda haka wani kaso na "buɗewa" na'ura ce ta yi, ba mutum ba. A gwajin da aka raba jeri ba zaɓe, wannan kumburi yana shafar ɓangarorin biyu kusan daidai, don haka bambancin da ta gani yana da ma'ana, amma ba shi ne abin da take nema ba. Ita kaya take so su fita. Take mai jan hankali kusan kullum zai fi samun buɗewa, domin aikinsa ke nan. Tambayar ita ce ko waɗanda ya jawo ɗin sun ci gaba.

Da ta dubo, sai muryarta ta sauya. A dannawa ɓangarorin biyu sun yi kusan kunnen doki. Take na biyu ya shigo da mutane da yawa, amma sun tsaya a bakin ƙofa.

A nan sai da na yi mata ɗan lissafi don kada mu yanke hukunci a kan iska. Mu ɗauka kowane ɓangare mutum 1,000 ne, ɗaya ya samu dannawa 30, ɗayan 36. A ido kamar na biyu ya fi da kashi 20 cikin 100. Amma a irin wannan ƙirge, kai-komon da sa'a kaɗai ke kawowa ya kai kimanin tushen murabba'in adadin, wato biyar zuwa shida a nan. Da za a sake aika take ɗaya ga ɓangarorin biyu, ana iya samun irin wannan tazara. Ƙaramin jeri ba ya iya bambance takuna biyu masu kusanci a gwaji ɗaya. Abin da yake iya nunawa shi ne babban giɓi, kamar wanda muka gani tsakanin yawan buɗewa da ƙarancin dannawa.

Amsar ta zo daga wurin da ba mu duba ba, wato amsoshin da mutane suka turo. Wasu daga cikin waɗanda suka samu take na biyu sun rubuto suna tambaya, "Nawa aka rage?" Wata ma ta rubuta, "Na buɗe ban ga komai ba sai fari." Na buɗe saƙon a Outlook na kwamfuta, inda ake yawan toshe hotuna har sai mutum ya ba da izini, sai na ga abin da suka gani. Adadin kashi 40 a cikin babban hoton saman saƙon kawai yake. Babu shi a rubutu ko'ina. Wanda hotonsa bai buɗe ba, ko intanet ɗinsa ya yi jinkiri, farin fili ya tarar, sannan sakin layi na gaisuwa da godiya ga abokan ciniki, sannan can ƙasa maɓallin shiga shago. Waɗanda suka samu take na farko ba su damu ba, domin sun riga sun san adadin tun daga waje. Waɗanda suka samu na biyu kuwa mun yi musu alkawarin amsa, suka shigo ba su same ta ba.

Wannan ya dame ni, domin mun duba haruffa masu ƙugiya a manhaja uku amma duk da hotuna a buɗe. Take mai ɓoye abu ɗaya bashi ne mai aikawa ya ci, kuma layin farko na saƙon ne wurin biyansa, a rubutu, ba a hoto ba. Muka gyara saman saƙon ya fara da jimla ɗaya da manyan haruffa: "An rage kashi 40 a kan duk kayan sanyi, zuwa daren Lahadi." Maɓallin shago ya dawo ƙarƙashinta kai tsaye, gaisuwar ta koma ƙasa, hoton kuma muka sa masa rubutun madadin da ke fitowa idan bai buɗe ba.

Saura kwana huɗu, kuma muna da damar saƙo biyu. Fiye da haka a mako ɗaya zai fara gundurar mutane.

Na ranar Juma'a ba mu aika wa kowa da kowa ba. Mun ware waɗanda suka danna ranar Laraba amma ba su saya ba, muka ba su take mai harafi 25: "Rigar sanyin nan ta sauko". Kalmar "nan" ita ce ke ɗauke da nauyin. Tana nuni ga abin da mutum ya riga ya gani, shi ya sa ba za ta yi aiki ga wanda bai taɓa leƙa shagon ba. A wurinsa za ta zama irin "kun ga wannan?" ɗin da muka ƙi. Ga wanda ya duba riga shekaranjiya ya rufe, tunatarwa ce. Ta so ta sa sunan kowane mutum a farkon taken, na hana, saboda da muka duba jerin mun ga wasu sun bar gurbin suna babu komai, wasu sun rubuta lambar waya a ciki. Take mai farawa da waƙafi ko da lambobi ya fi rashin suna muni, ga kuma cinye haruffan da ba mu da su.

Na ranar Asabar da yamma ya tafi ga duk wanda bai saya ba: "Gobe za mu kwashe su". Harafi 20, da layin ƙasa mai cewa "Kashi 40 kan kayan sanyi zai ƙare daren Lahadi." A wannan karon mun bayar da adadin tun daga waje, domin a ranar ƙarshe babu sauran lokacin wasa da hankali, wa'adin da kansa ya isa ya ja mutum. Kafin mu aika na tambaye ta, "Hajiya, da gaske za ki rufe ranar Lahadi?" Ta yi ɗan shiru, ta ce tana tunanin ƙara kwana uku idan kaya ba su ƙare ba. Na ce to sai mu canza taken, domin wanda ya yi gaggawar saye saboda "gobe" sannan ya ga rangwamen yana nan ranar Talata, ba zai ƙara yarda da "gobe" daga gare ta ba, kuma kaka mai zuwa tana buƙatar kalmar. Ta zaɓi ta rufe a kan lokaci.

Saƙonnin biyu na baya sun fi na Laraba kai mutane shago, kuma tambayar "nawa aka rage?" ba ta sake zuwa ba. Ba zan jingina wannan ga takunan kaɗai ba, tunda mun gyara jikin saƙon, mun kuma canza waɗanda muke aika wa, ga shi ranar ƙarshen rangwame dama takan fi cika. Gwajin Laraba ma bai raba gardama tsakanin take na kai tsaye da mai jan hankali ba, domin jikin saƙon ya tauye na biyu. Mun ajiye takunan biyu a fayil tare da adadin buɗewa da dannawa da sayayya na kowanne, da niyyar maimaita gwajin a ƙarshen lokacin zafi, da adadin rangwamen a rubuce a layin farko, kuma da gwajin hotuna a rufe kafin a aika.

Daren Lahadi ta mayar da farashin yadda yake. Huluna da safa sun ƙare, manyan rigunan sun yi ɗan saura, ta naɗe su ta ajiye wa baɗi.